Kafin Ku Nemi Tallafin Koya wa Manoma Lissafin Gona

A tambayi manomin masara a watan Nuwamba buhu nawa ya samu bana, nan take zai faɗa. A sake tambayarsa nawa kowane buhu ya tsaya masa, daga ranar da ya kama gona zuwa ranar da aka sauke kaya a ƙofar gida, sai ka ga ya yi jim, ya shiga ƙirga da yatsu, ya ambaci taki da iri, daga nan lissafin ya tsaya. Noma ya iya, ba ya buƙatar kowa ya koya masa riƙon fartanya. Abin da ya rasa shi ne wurin da zai ajiye kuɗin da suka fita kaɗan-kaɗan cikin wata shida, kuma kai ba ya riƙe irin wannan.

Shugabannin ƙungiyoyin gama-kai na ƙananan manoma sun san wannan matsala, shi ya sa da yawansu ke neman tallafi don koya wa 'ya'yan ƙungiya rubuta lissafin gona. Sai dai yawancin takardun da suke aikawa kama ɗaya suke yi: manomanmu talakawa ne, muna son taron bita na kwana uku, ga kuɗin ɗakin taro, ga na abinci, ga na riguna da huluna. Mai ba da tallafi ya gaji da ganin irinsu. Abin da yake son kuɗinsa su haifar shi ne littattafan lissafi da za a samu cike a hannun manoma bayan an gama kaka, da manoman da za su iya buɗe littafin su yanke shawara da abin da ke ciki. Duk takardar da aka gina a kan wannan tana da damar samun karɓuwa, kuma idan kuɗin suka zo za su yi amfani.

Domin maganar ta fito fili, za mu ɗauki misalin wata ƙungiya ta manoman masara a arewacin Jihar Kaduna mai mutum 120, 40 daga cikinsu mata. Ƙungiyar da adadin kuɗin da za a gani duk misali ne, kowa ya sa farashin kasuwarsu na wannan shekara.

Fara da gona ɗaya

Sashen farko na takardar shi ne bayanin matsala, kuma a nan mafi yawa suke faɗuwa. Sai a cika shafi biyu da labarin talauci a Afirka da muhimmancin noma, abubuwan da mai karantawa ya riga ya sani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, saboda haka abin da ake so daga ƙungiya shi ne ta nuna wurin yoyon da hannu. Hanya mafi ƙarfi ita ce sakatare ya zauna da mutum ɗaya daga cikin 'ya'yan ƙungiya su tono lissafin gonarsa ta bara, abu bayan abu, a sa shi a takardar ba tare da sunansa ba.

Ga yadda zai iya kasancewa a hekta ɗaya. Hayar gona naira 80,000. Huɗa 60,000. Iri 40,000. Takin kamfa buhu huɗu a kan 45,000 kowane, da yuriya buhu biyu a kan 40,000, sun kama 260,000. Maganin ciyawa da ladan mai feshi 35,000. 'Yan ƙwadago na shuka da sa taki da noma 90,000. Girbi da casa da buhuna da dako 75,000. Jimilla naira 640,000. Ya samu buhu 25, ke nan kowane buhu ya tsaya masa a kan 25,600.

A ce masara ta yi 30,000 a kasuwa lokacin kaka. Darajar amfanin gonarsa 750,000 ce, ribarsa kuwa 110,000. Amma da aka fara tambayarsa, manyan abubuwa uku kawai ya tuna, taki da iri da huɗa, wato 360,000, don haka a ransa ya ci ribar 390,000. Naira 280,000 sun fita ne dubu biyar yau, dubu takwas jibi, ba su bar alama ba. A kan ribar da babu ita ya tsara hidimar gida da ta biki, shi ya sa kafin bazara ta ƙare rumbu ya yi ƙasa, ya rasa dalili.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ciwo. A watan Agusta, da kuɗin taki na biyu suka gagara, ya karɓi bashin kaka wajen wani mai sayen hatsi, buhu goma a kan 22,000 kowane. Ya sayar ƙasa da abin da buhun ya ci masa da naira 3,600, kuma ƙasa da farashin kaka da 8,000. A buhu goma ya bar 80,000, wato mafi yawan ribar shekararsa. Da ya san buhunsa na tsaya masa a kan 25,600, da ya yi ciniki da ido buɗe, ko ya sayar da akuya ɗaya ya rage bashin.

Rabin shafi irin wannan ya fi shafi biyar na kuka. Bayansa sai a ƙara ɗan bincike da ƙungiya za ta iya yi da kanta ba tare da kuɗin kowa ba. A zaɓi mutum 30, maza da mata, manyan gonaki da ƙanana, a yi musu tambaya huɗu: kana rubuta wani abu game da gonarka? An taɓa auna girmanta? Nawa buhu ɗaya ya tsaya maka bara? Wa ke iya rubutu a gidanka, boko ko ajami? Amsar da aka samu, ko da mutum uku ne kawai cikin 30 suke rubutu, ita ce mafarin da za a auna ci gaba da shi a ƙarshen shiri. Gani ya kori ji.

Alkawarin da za a iya ƙirgawa

Sashe na biyu shi ne manufa. Kalmomi irin su wayar da kai da inganta rayuwar manoma ba su da abin aunawa, don haka mai duba takarda ba ya iya riƙe su. Ƙungiyar misalinmu za ta rubuta haka: zuwa ƙarshen Janairu, mutum 84 cikin 120 za su kasance da cikakken littafin lissafi na damina ɗaya, aƙalla 28 daga cikinsu mata, mutum 60 kuma za su iya fitar da abin da buhu ɗaya ya ci musu da kansu, ba tare da an taya su ba. Sannan a fayyace abin da ake nufi da cikakken littafi: akwai girman gona, akwai kuɗin da aka kashe a kowane wata na damina da kwanan watansu, akwai yawan abin da aka girbe da inda ya tafi.

A lura ba a ce duka 120 ba. Duk wanda ya yi aiki da manoma ya san wani zai yi ciwo, wani zai tafi ci-rani, wani littafinsa zai jiƙe, wani kuma zai gaji. Alkawarin kashi 70 cikin 100 ya fi nuna cewa marubutan sun san aikin.

Haka nan a guji alkawarin da rubutu ba zai iya cikawa ba. Littafin lissafi ba ya ƙara yabanya, ba ya saukar da ruwa, ba ya rage farashin taki. Takardar da ta ce horon zai ninka amfanin gona cikin shekara ɗaya ta zubar da mutuncinta a idon wanda ya san noma. Abin da littafi ke iya yi shi ne ya nuna wa manomi farashin da bai kamata ya sauka ƙasa da shi ba, ya nuna masa wace gona ko wane amfani ke cin kuɗinsa, ya kuma ba ƙungiya adadin gaskiya da za ta je da shi wajen banki ko kamfanin sayen hatsi. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin noma na Babban Bankin Nijeriya a Kebbi a Nuwamban 2015, aka kuma sha fama wajen dawo da kuɗin, masu ba da lamuni sun ƙara tsananta tambaya a kan girman gona da abin da ta saba bayarwa. Ƙungiyar da ke da littattafan damina biyu tana da amsa a hannu. Wannan ba tabbacin samun bashi ba ne, kuma ya kamata takardar ta faɗi haka.

Littafin da manomi zai iya riƙewa

Mai ba da tallafi zai so ya ga abin da za a koyar, saboda haka a liƙa samfurin littafin a bayan takardar. Kuskuren da aka saba yi shi ne a ɗauko fom ɗin akanta mai layi goma sha biyu da Turanci, a ce manomi ya cike. Shafuka iri huɗu sun isa. Na farko bayanin gona: inda take, girmanta, abin da aka shuka da ranar shuka. Na biyu kuɗin da suka fita, layi uku kacal: rana, abin da aka yi, nawa. Na uku aikin da ba a biya ba, wato na mai gona da iyalinsa da na gayya, a rubuta kwana nawa, mutum nawa. Na huɗu girbi da inda ya tafi: na ci, na sayarwa, na iri, na zakka, na kyauta ga dangi, na biyan bashi. Wannan shafi na ƙarshe shi ne yake warware tambayar da ke damun magidanta kowace bazara, ina hatsin ya shiga.

A buga shi da Hausa, babban rubutu, da ƙananan hotuna a gefen layi: buhu, fartanya, galan ɗin feshi, amalanke. A kuma bar wa mai ajami damar rubutawa da ajaminsa. Mutane da yawa da ake sa su a jerin marasa ilimi sun yi makarantar allo, suna rubuta wasiƙa da lissafin bashi da ajami tun suna samari. Wanda ba ya ko ɗaya, a rubuta sunan ɗansa ko 'yarsa da ke makaranta a matsayin mai taya shi, a gayyato yaron zaman farko. Takardar da ta bayyana wannan ta amsa tambayar da mai karantawa zai fara yi, wato yaya wanda bai yi boko ba zai rubuta.

Abu biyu kuma dole su shiga shirin, in ba haka ba lissafin zai tashi a kan ƙarya. Na farko auna gona. Hekta murabba'in mita 10,000 ce, kusan eka biyu da rabi, amma manomi kan kira gonarsa hekta ɗaya alhali ba ta kai ba, ko ta wuce. Idan girman ya karkace, lissafin taki da na amfanin kowace hekta duk sun karkace. Malamin gona ko wani matashi mai wayar zamani zai iya zagaya iyakar gona da manhajar auna fili cikin 'yan mintuna. Na biyu sikeli. Buhu suna ya tara: wani an ɗinke shi da baki, wani an yi masa hula, tiya ma ta wannan kasuwa ba ita ce ta waccan ba. Sikeli ɗaya a kowane rukuni ya isa a san kilo nawa ake kira buhu.

Horo ya bi damina

Nan ne zuciyar takardar. Rubuta lissafi ɗabi'a ce, kuma ba a kafa ɗabi'a a kwana uku. Wanda aka koya wa a watan Maris a ɗakin taro, aka sallame shi da littafi, zai rubuta kuɗin huɗa da na iri, ya tsaya a tsakiyar Yuli lokacin da ciyawa ta taso masa, yana komawa gida a gajiye bayan magariba. Saboda haka a tsara horon ya bi aikin gona, tsawon wata goma daga Afrilu zuwa Janairu.

A raba mutum 120 rukuni shida na 20, biyu daga ciki na mata. Kowane rukuni ya zaɓi jagora biyu daga cikinsa, mutanen da ake jin maganarsu kuma suke noma da kansu. Waɗannan 12 su ne za a yi wa horon kwana uku a Afrilu. Sannan kowane rukuni ya yi zama huɗu a ƙauyensa, kowane zama bai wuce awa biyu ba. Na farko kafin shuka, a raba littafi, a auna gonaki, kowa ya rubuta abin da yake hasashen kashewa. Na biyu a Yuli, lokacin taki da ƙwadago, a duba wanda ya tsaya a tashe shi. Na uku a Oktoba gab da girbi, a koyi awo da shafin inda hatsi ya tafi. Na huɗu a Disamba ko Janairu, kowa ya haɗa jimillarsa, ya raba da yawan buhunansa, ya ga adadin da bai taɓa sani ba.

Tsakanin zama da zama jagora zai leƙa kowane mutum nasa sau biyu a wata. Mutum goma ne a hannunsa, aikin ba ya fi ƙarfinsa. Ziyarar ba ta wuce minti goma: «Baba, me aka yi a gona makon nan? Yara nawa suka yi noman? Nawa aka ba su? To, mu rubuta.» Malamin gona na hukumar raya aikin gona ta jiha kuma ya zo duba jagororin sau biyu a wata. Irin wannan tsari na koyar da noma a matsayin kasuwanci ba sabo ba ne. Hukumar GIZ ta Jamus ta fara makarantun kasuwancin manoma a 2010 da masu noman koko a Ghana da Nijeriya da Kamaru da Kwaddibuwa, kuma lissafin kuɗin shiga da na fita na cikin ginshiƙan darasinsu. Ambaton haka a takarda yana nuna ƙungiya ba ƙirƙirar hanyar ta yi daga sama ba.

Rukunan mata suna buƙatar nasu tsari, a kuma rubuta shi ɓaro-ɓaro. Jagorarsu mace ce, zamansu a cikin gida ne, a lokacin da suka zaɓa, da sanin mazajensu. Da yawa suna da gonar gado ko ta haya wadda miji ko ɗa ko ɗan ƙwadago ke nomawa, su nasu ba da kuɗi ne. Irin wannan mace ta fi kowa buƙatar littafi, domin ita ba ta ga aikin da idonta.

Kasafin kuɗi

Mai duba takarda yakan fara da wannan shafi kafin ya koma baya. Kowane layi ya nuna yawa da farashin ɗaya da jimilla, kuma ya kasance yana da aikin da ya dace da shi a cikin tsarin da aka bayyana. Na ƙungiyar misalinmu zai zo kamar haka:

- Buga littafi 130 a kan 2,500: naira 325,000
- Horar da jagora 12 na kwana uku, da ladan mai koyarwa: 340,000
- Zama 24 na rukunai a kan 25,000: 600,000
- Kuɗin man jagorori, mutum 12, wata 8, a kan 8,000: 768,000
- Ziyarar malamin gona sau 16 a kan 15,000: 240,000
- Sikeli shida da auna gonaki 120: 390,000
- Tantance littattafai a ƙarshe da rubuta rahoto: 150,000
- Ko-ta-kwana saboda tashin farashi: 140,000

Jimilla naira 2,953,000, wato kusan 24,600 a kan kowane mutum, ƙasa da kuɗin buhun masara ɗaya. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na kuɗin ya tafi ne a bibiya, man jagorori da ziyarar malamin gona, kuma wannan shi ne daidai, domin bibiyar ce ke cika littafi. Babu otal, babu riguna, babu kuɗin zama. Kuɗin zama yana jawo waɗanda suka zo don ambulan, ranar da aka daina bayarwa kuma a daina ganinsu.

A nuna gudummawar ƙungiya. Idan kowane mutum ya biya 1,000 na littafinsa, an samu 120,000, abin da ake nema ya koma 2,833,000. Kuɗin ba su da yawa, amma wanda ya sayi littafi da kuɗinsa ba ya bari yara su yage shi su ƙunshe ƙuli-ƙuli. A kuma lissafa abin da ƙungiya za ta bayar ba na kuɗi ba, kamar wurin zama da lokacin sakatare. Sannan a faɗi yadda aikin zai ci gaba bayan tallafi ya ƙare: daga shekara ta biyu 'ya'yan ƙungiya za su sayi littafi da cikakken kuɗinsa, kuma nuna littafi zai zama sharaɗin shiga rabon taki ko bashin ƙungiya.

Abin da ke ɓata shiri, da yadda ake gane shi

Takarda mai kyau tana faɗin inda za a iya samun matsala da abin da aka tanada. Babbar matsalar irin wannan shiri ita ce tsoro. Manomi yana gudun kada lissafinsa ya isa hannun masu haraji, ko mai binsa bashi, ko dangin da za su zo roƙo, wani kuma yana tsoron baki. Dole a yi alkawari tun zaman farko, a kuma rubuta shi a takardar, cewa littafi na mai shi ne, a gidansa yake kwana, abin da zai je ga mai tallafi jimilla ce babu sunan kowa. Yana taimakawa a sa malamin gari a zaman farko. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take magana, zakkar amfanin gona kuma, ɗaya bisa goma a noman damina da rabin haka a noman da aka sha wahalar ban-ruwa, ba ta fita daidai sai an san abin da aka girbe.

Matsala ta biyu littafin dare ɗaya. Idan aka ji masu dubawa za su zo, sai jagora ya tara littattafai ya cike su da hannunsa. Gane shi ba wuya. Littafin gaskiya yana da datti, gefensa ya lanƙwashe, biro ya canza daga shuɗi zuwa baƙi zuwa fensir, akwai gogewa, akwai adadi irin su 7,300 da 12,850, akwai makon da aka tsallake. Na dare ɗaya fes yake, biro ɗaya, hannu ɗaya, kuɗin duk dunƙulallu ne, kuma littafi biyar sun faɗi abu ɗaya. Gwajin da ya fi kowane shi ne a rufe littafin a tambayi mai shi nawa ya ba 'yan noman farko. Saboda wannan, kada a ɗaura ladan jagora a kan yawan littattafan da suka cika.

Ta uku jinkirin kuɗi. Idan tallafi ya iso a Agusta, an riga an kashe fiye da rabin kuɗin gona ba a rubuta ba, shekarar ta tafi. Takardar ta bayyana cewa kason farko ya shigo kafin ƙarshen Maris, idan ya wuce haka a ɗage shirin zuwa noman rani ko damina mai zuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka wanda ke son farawa a Afrilu ya aika takardarsa tun kaka.

Takardun ƙungiya da ƙofar da za a ƙwanƙwasa

Ƙungiyar da ke neman kuɗi don koyar da lissafi, nata lissafin za a fara dubawa. A Nijeriya dokar ƙungiyoyin gama-kai ta 1993 ce ke aiki, ana yin rajista a ofishin daraktan gama-kai na jiha, da mutum goma aƙalla. A Nijar da Kamaru da Chadi ana bin dokar OHADA ta 2010. A haɗa kwafin takardar rajista, da tsarin mulkin ƙungiya, da jerin sunayen 'ya'yanta, da bayanan taruka uku na baya-bayan nan, da bayanin asusun banki mai sunan ƙungiya wanda ba a cire kuɗi sai da sa hannun mutum biyu. Asusun shugaba na kansa ba ya shiga, komai amanarsa. Idan littafin ma'aji yana da giɓi, a gyara shi kafin a aika komai.

Manyan masu ba da tallafi, irin su Bankin Duniya da asusun IFAD da Bankin Musulunci na Raya Ƙasashe, ba safai suke hulɗa kai tsaye da ƙungiyar ƙauye ba. Kuɗinsu na bi ta ofisoshin shirye-shirye na jihohi, kamar yadda aka gani a shirin Fadama, ko ta ƙungiyoyi irin su Sasakawa. Don haka ƙofar farko ita ce malamin gona na yankinku da hukumar jiha, kamar KNARDA a Kano, su ne suke fara jin an buɗe karɓar takardu. Idan mai tallafi yana da nasa fom da iyakar shafuka da ranar rufewa, a bi su daidai, a zuba wannan bayani a cikin tsarinsa. Duk wanda ya ce a biya shi kuɗin fom ko a ba shi kaso don ya fito da tallafi, a rabu da shi.

Shugabannin ƙungiyoyi, kada ku jira sai an buɗe karɓar takardu. Ku sayi littafin makaranta mai shafi 40 guda goma, ku ja layi uku a kowane shafi, ku ba mutum goma daga cikinku, shugaba da ma'aji su zama na farko. Ku bi su har kaka. Daminar baɗi, idan kun zauna rubuta takardar neman tallafi, kuna da lissafin gonaki goma na gaskiya da za ku sa a shafin farko, kuma kun riga kun san wane layi ne ke ba manomanku wahala.